Leja ta faɗi nata, banki ya faɗi nasa: yadda ake sasanta su a cikin ERP

Mu ɗauki wani kamfanin sarin shinkafa da man girki a Kano, mai ɗakin ajiya biyu da kwastomomi daga kasuwannin ƙauye. Kamfanin da alƙalumansa misali ne na tsara, amma duk wanda ya taɓa rufe lissafin wata zai gane su. Ranar Litinin ta farko a Nuwamba Alhaji mai kamfani ya leƙo ofis ya tambayi akantansa: "Malam, nawa muka rufe Oktoba da shi a banki?" Akanta ya dubi kwamfuta ya ce, "Ranka ya daɗe, leja ta nuna naira 18,640,000." Alhaji ya ciro wayarsa ya nuna masa saƙon banki na ƙarshen wata, wanda ya ce naira 19,955,700. Tsakanin lambobin biyu akwai naira 1,315,700.

Da yake rarar tana ɓangaren banki, Alhaji bai damu ba, har ya yi murmushi. Akanta kuwa bai yi ba, domin ya san rara da giɓi duk abu ɗaya suke nufi a wannan aiki: akwai abin da ɗaya daga cikin littattafan biyu ya sani, ɗayan bai sani ba. Aikin gano wannan abu, layi bayan layi, shi ake kira daidaita asusun banki.

Kafin mu bi sawun kuɗin, sai a san inda ake aikin. ERP manhaja ce guda da kamfani ke gudanar da dukkan harkarsa a cikinta: saye, sayarwa, kayan sito, albashi da lissafin kuɗi. Irinsu SAP, Odoo, Oracle NetSuite da Microsoft Dynamics 365 duk dangi ɗaya ne. Amfaninta shi ne idan yaron kanti ya rubuta cewa an sayar da buhu ɗari, nan take kayan sito su ragu, bashin kwastoma ya ƙaru, ba sai wani ya sake kwafa ba. A can ƙarƙashinta akwai leja, babban littafin lissafi, kuma a cikin lejar akwai shafi na kowane asusun banki da kamfani ya mallaka. Shafin nan labarin kamfani ne game da kuɗinsa. Banki ma yana rubuta nasa labarin, wanda yake aikowa a takardar bayanin asusu da muka saba kira sitatimen. Marubuta biyu ne, kowa da lokacin da yake rubutu, don haka saɓani dole ne.

Akwai wani ɗan abu da ke rikita sabon shiga. Kuɗin da ya shigo asusunka, banki yana rubuta shi a gefen `Credit`, domin a wurinsa bashi ne da kake binsa. Kai kuma a lejarka a gefen `Debit` yake zama, domin dukiyarka ce ta ƙaru. Kamar mutum ne da madubi, damanka ce hagunsa. Manhaja ta san wannan, tana juyawa da kanta, amma wanda ke duba takarda da ido yakan ruɗe a makonsa na farko.

Shigar da sitatimen

Matakin farko shi ne a kawo sitatimen cikin manhaja. Wasu kamfanoni suna da haɗi kai tsaye da banki, layukan na sauka da kansu kowace safiya. Mafi yawa kuwa sauke fayil suke yi daga shafin banki su ɗora. Fayil ɗin yakan zo a tsarin `CSV` ko `Excel`, ko kuma a tsarin da bankunan duniya suka amince da shi, wato `MT940` na SWIFT da sabonsa `camt.053`. Ga yadda layi ɗaya yake a `MT940`:

```
:61:2510141014C750000,00NTRFNONREF
:86:TRF FROM POS AGENT
```

Layin sama yana cewa ranar 14 ga Oktoba naira 750,000 ta shigo ta taransifa, kuma `NONREF` na nufin ba a saka wata lambar shaida ba. Layin ƙasa shi ne bayanin da ya biyo kuɗin. Ku riƙe wannan layi, za mu dawo kansa.

Akanta mai hankali ba ya fara haɗa komai sai ya duba abu ɗaya: ragowar da sitatimen ɗin nan ya buɗe da ita, ita ce wadda na baya ya rufe da ita? A `MT940` ana ganinsu a `:60F:` da `:62F:`. Idan ba su yi daidai ba, to ko an tsallake wasu kwanaki, ko an ɗora wasu sau biyu, kuma duk aikin da aka gina a kan haka ginin toka ne. Fayil ɗin `CSV` kuma yana da nasa tarkon. Idan banki ya rubuta rana kafin wata, manhaja kuma an saita ta wata kafin rana, sai 03/10 ta tashi daga 3 ga Oktoba ta koma 10 ga Maris. Alamar wannan cuta a bayyane take: kwanakin 1 zuwa 12 su watse cikin watanni daban-daban, na 13 zuwa sama kuma manhaja ta ƙi karɓarsu, tunda babu wata na goma sha uku.

A kamfaninmu ragowar ta dace, layuka 412 suka shiga lafiya.

Yadda manhaja ke gane abokin kowane layi

Yawancin manhajojin nan ba sa rubuta biyan kuɗi kai tsaye a shafin banki na ainihi. Suna da wani shafi na tsaka-tsaki, kamar zauren da baƙo ke jira kafin a yi masa iso. Idan kashiya ta rubuta cewa kwastoma ya biya, ko akanta ya rubuta caki, a zauren maganar ke zama. Sai ranar da layin banki ya zo ya tabbatar da ita take shiga cikin gida. A Odoo sunayen zaurukan `Outstanding Receipts` da `Outstanding Payments`, SAP ma tana da irinsu a ƙarƙashin kowane asusun banki. Hikimar ita ce, duk abin da ka tarar zaune a zaure a ƙarshen wata, shi ne abin da kamfani ya rubuta amma banki bai gani ba tukuna. Lambar da akanta ya gaya wa Alhaji jimillar komai ce, na cikin gida da na zaure, wato abin da kamfani ke zaton yana da shi.

Wajen haɗawa, manhaja tana bin ƙa'idoji ne daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Ta fara neman inda lambar shaida ta dace, kamar lambar caki ko lambar takardar kaya da kwastoma ya rubuta a bayanin taransifa, kuma adadin kuɗi ya zo daidai har kwabo. Wannan haɗi ba ya ƙarya. Idan babu lamba, sai ta duba adadin kuɗi da sunan mai turowa ko lambar asusunsa. Idan wannan ma babu, sai ta sauko mataki na ƙarshe: adadi ɗaya, kwanan wata kusa da juna, misali tazarar kwana uku.

A wannan matakin na ƙarshe nake jin tsoro, kuma a ganina duk kamfanin da ke sayar da kaya iri ɗaya a farashi ɗaya bai kamata ya bar manhaja ta zartar da shi ita kaɗai ba. Ka ce kwastomomi biyu kowanne ana binsa naira 500,000. Na farko ya kira ya ce ya turo, aka rubuta masa a zaure, alhali bai turo ba. Na biyu ya turo a ranar bai gaya wa kowa ba. Manhaja ta ga 500,000 a sitatimen, ta ga 500,000 a zaure, ta ɗaura musu aure. Lissafin banki ya fita tsaf, babu ko kwabo na bambanci. Amma an wanke wanda bai biya ba, an bar bashi a wuyan wanda ya biya. Babu wani rahoton banki da zai nuna wannan. Sai ranar da aka hana mutumin kirki kaya saboda "tsohon bashi", ya zo da rasit a hannu yana faɗa, sannan asiri ya tonu. Maganin shi ne a saita manhaja ta kawo irin wannan haɗi a matsayin shawara, mutum ya duba ya amince.

Cikin layuka 412, manhaja ta samo wa 371 abokansu. Saura 41 a ɓangaren banki, da wasu 'yan shigarwa a zaure. A nan aikin mutum yake farawa.

Layuka arba'in da ɗaya

Talatin da uku daga cikinsu cajin banki ne, kuma ba su da wahala. Babu wanda ya rubuta su a leja domin babu wanda ya san adadinsu sai da banki ya cira. Mafi girma shi ne kuɗin kula da asusu, naira 36,000, wanda jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya na 2020 ya ƙayyade kada ya wuce naira ɗaya a kan kowace dubu da mai asusu ya fitar, sai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kansa, naira 2,700. Sauran ƙanana ne, irin kuɗin taransifa, kuɗin saƙon alat, da naira 50 ɗin nan da ake cira a kan turin naira 10,000 zuwa sama. Duka suka tashi naira 41,240. Akanta ya rubuta su a matsayin kashe kuɗi, ya ware harajin a shafinsa, sannan ya kafa ƙa'ida a manhaja: duk layin da bayaninsa ya ƙunshi kalmar da banki ke amfani da ita wa wannan caji, a kai shi shafin cajin banki kai tsaye. A Odoo irin wannan ƙa'ida sunanta `Reconciliation Models`. Shawara ɗaya a nan: a sa wa ƙa'idar iyaka ta adadi, kuma a riƙa lissafa babban cajin da hannu lokaci zuwa lokaci. Abin da ke wucewa ba tare da ido ya gani ba, ko banki ya cira sau biyu ba wanda zai sani.

Layi na gaba na na'urar POS ce da ke kantin kamfani. A leja akwai ciniki goma sha huɗu na rana ɗaya da aka biya da kati, jimillarsu naira 612,000. A banki kuwa layi ɗaya ne tak, naira 608,940. Manhaja ba ta gane su ba saboda dalili biyu: goma sha huɗu ne a gaban ɗaya, kuma adadin bai dace ba. An cire ladan na'ura, rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kafin a zuba kuɗin. Akanta ya zaɓi goma sha huɗun duka, ya haɗa su da layin, ragowar naira 3,060 ya kai ta caji. Da wannan cajin wata ya zama naira 44,300. Akasin haka ma ya faru: wani kwastoma da aka rubuta wa biyan naira 5,000,000 ya turo ta kashi biyu saboda iyakar da bankinsa ya sa masa, layi biyu a gaban shigarwa ɗaya. Aka haɗa, babu bambanci.

Wasu layuka biyu kuma junansu suke ci. An tura wa wani dillali kuɗi, banki ya cira, kuɗin bai isa ba, bayan kwana biyu aka dawo da shi. Fita da dawowa, adadi ɗaya. Ana haɗa su da juna ne, amma sai an tabbatar leja ba ta ci gaba da nuna an biya dillalin ba, ko kuma idan an sake tura masa, ba a rubuta biyan sau biyu ba. A nan akanta ya duba ya ga turi na biyu ya tafi, kuma shi manhaja ta riga ta haɗa da shigarwar leja.

Saura layi uku, kuma su ne masu nauyi.

Na farko fitar naira 1,260,000 ce zuwa ga mai kawo man girki. A zaure akwai biyan da aka rubuta wa wannan mutum a ranar, amma naira 1,620,000. Bambancin 360,000 ne. Tsofaffin akantoci suna da wata dabara: idan bambanci ya rabu da tara ba saura, a fara zargin an juya lambobi biyu. Raba 360,000 da tara, ka samu 40,000 cif. Shida da biyu ne suka yi musayar wuri a hannun mai bugawa. Dabarar ba hujja ba ce, manuniya ce kawai, don haka akanta ya ciro takardar kayan ya ga 1,260,000 ce gaskiya. Banki ya biya daidai, leja ce ta yi kuskure. Gyaran kuma ba a yinsa da goge tsohuwar shigarwa. Ana soke ta da wata shigarwa mai kishiyantarta, a rubuta sabuwa, domin odita ya ga sawun abin da ya faru. Lura da cewa wannan kuskure ya taɓa wuri biyu: ya rage kuɗin banki a leja, ya kuma nuna an biya mai man fiye da haƙƙinsa, har da a wata mai zuwa an rage masa 360,000 an jawo rigima.

Na biyu cakin wani kwastoma ne na naira 900,000. An kai banki, an rubuta a leja, ya bayyana a sitatimen, manhaja ta haɗa su. Sai ga wani layi daga baya yana cire kuɗin: caki ya dawo, babu isasshen kuɗi a asusun mai shi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jefa wannan layi cikin kashe kuɗi don a huta. Inda ya dace ya koma shi ne kan kwastoman, a sake buɗe takardar kayan da aka ɗauka ya biya, bashinsa ya dawo yadda yake, a kuma sanar da masu sayarwa kafin su ƙara ɗora masa kaya.

Na uku shi ne layin da muka gani a sama, naira 750,000 daga mai POS, ba suna, ba lamba. Wannan shi ne ciwon kan duk akantan da ke hulɗa da 'yan kasuwa a yau. Ɗan kasuwa a ƙauye ya tara tsabar kuɗi, ya ba yaronsa ya kai wa mai POS na bakin tasha, shi kuma ya tura daga nasa asusun. Sunan da ya iso kamfani ba na kwastoma ba ne, kuma yaron bai ce a rubuta komai a bayani ba. Kuɗin na gaske ne, yana banki, don haka dole ya shiga leja. Amma a wane shafi?

Ba ciniki ba ne, domin ba a san abin da aka saya da shi ba, kuma idan aka kira shi ciniki an kumbura riba da haraji a banza. Ba a kuma zaɓar kwastoman da bashinsa ya yi kama da adadin a liƙa masa. Ana ajiye shi ne a wani shafi na musamman, na kuɗin da ya shigo ba a san mai shi ba, kuma shafin a ɓangaren bashin da ake bin kamfani yake zama, tunda amana ce har a samu mai ita. Daga nan sai bincike. Kowace taransifa da ta bi ta tsarin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Najeriya, tana da doguwar lamba mai alƙalami talatin da ake kira `Session ID`. Tana kan rasit ɗin mai turawa, banki ma yana da ita. Duk wanda ya zo ya ce kuɗinsa ne, wannan lamba za a nema a wurinsa, a gwada da ta banki. Hoton alat a waya bai isa ba. Idan kuma wani ya kira ya ce kuskure ya yi, a taimaka a mayar masa ta wani asusu daban, amsar ita ce ya je bankinsa ya shigar da ƙorafi, kuɗin ya koma ta hanyar da ya zo. Wanda ya mayar da hannunsa yana iya wayar gari banki ya sake cire kuɗin, ya yi biyu babu.

Abin da ke zaune a zaure

Ɓangaren banki ya ƙare, sai na kamfani. Abu biyu suka rage a zaure. Akwai caki na naira 2,300,000 da aka ba mai motocin dakon kaya ranar 29 ga Oktoba, bai kai banki ba tukuna. Akwai kuma tsabar kuɗin cinikin ranar Juma'a 31 ga wata, naira 1,150,000, da aka ƙirga aka rubuta da yamma bayan banki ya rufe, sai Litinin za a kai.

Waɗannan biyun ba a taɓa su. Wannan shi ne bambancin da ya fi kowanne muhimmanci a duk aikin, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi faɗuwa a kansa. Caji, cakin da ya dawo, lambar da aka juya, kuɗin da ba a san mai shi ba, duk abubuwa ne da leja ta rasa ko ta kuskure, don haka ana gyara leja. Cakin da bai isa ba da kuɗin da ke kan hanya kuwa, leja ta yi daidai, banki ne bai riske ta ba. Lokaci ne zai warware su. Abin da ake yi kawai shi ne a jera su a takardar daidaitawa.

Yanzu lissafi. Leja ta fara da 18,640,000. A cire caji 44,300, a cire cakin da ya dawo 900,000, a ƙara 360,000 na gyaran lamba, a ƙara 750,000 na baƙon kuɗi. Ta tsaya a 18,805,700. Banki ya fara da 19,955,700. A cire cakin mai motoci 2,300,000, domin kuɗin ya riga ya zama na wani, a ƙara 1,150,000 da ke kan hanya. Shi ma ya tsaya a 18,805,700. Sun haɗu a lambar da babu ɗayansu da ya faɗe ta da farko.

Abin lura shi ne, bambancin da Alhaji ya gani 1,315,700 ne, amma idan ka tara girman abubuwan da suka haifar da shi ba tare da duba ƙari ko ragi ba, za ka samu 5,504,300. Wasu suna ja sama, wasu suna ja ƙasa, suna rufa wa juna asiri. Shi ya sa ƙaramin bambanci ba ya kwantar mini da hankali. Bambancin naira dubu biyu yana iya zama ɗan caji da aka manta, yana kuma iya zama ragowar manyan kurakurai biyu da suka kusa cinye juna.

Kwandon shara

Kowace manhaja tana da shafin ajiye abin da ba a gane ba. A Odoo duk layin banki da ba a haɗa ba yana zama a `Bank Suspense Account` har a yi masa wuri, a SAP kuma ana bin irinsu a allon `FEBAN`. Shafin yana da amfani, amma shi ne wurin da aikin ke lalacewa. Ƙarshen wata ya zo, ana matsa wa akanta ya rufe, saura layi bakwai da bai gane ba, sai ya tura su can ya danna, rahoto ya fito ba bambanci. Wata mai zuwa ya ƙara biyar. Na taɓa ganin irin wannan shafi a wani wurin da na yi aiki, an shekara biyu ana zuba masa, shiga da fita sun cakuɗe, jimillarsa ƙarama har ba ta ɗaga hankalin kowa. Da muka buɗe shi layi-layi, muka tarar da kuɗin kwastomomin da ake ta bi bashi, da biyan da aka yi wa mai kaya ɗaya sau biyu, kuma waɗanda suka san labarin yawancin layukan sun bar aiki.

Saboda haka idan aka miƙo wa mai kamfani takardar daidaitawa, kada idonsa ya tsaya a kan sifirin da ke ƙasa. Ya nemi jerin abubuwan da ba a haɗa ba, kowanne da ranarsa, ya duba tsufansu, domin kowane iri yana da kwanakin da ya dace ya yi. Tsabar kuɗin da ke kan hanya kwana ɗaya ne ko biyu, ko uku idan ƙarshen mako ya gitta. Idan ya kai kwana goma, ba a kan hanya yake ba, a hannun wani yake. Akwai tsohuwar dabara da masu riƙe kuɗi ke yi: a ci na Litinin, a cike gurbinsa da na Talata, na Talata da na Laraba. Kullum kuɗi na isa banki, amma kullum a makare, kuma tazarar tana ƙara faɗi. Ana gane ta ne ta gwada ranar da aka rubuta a leja da ranar da ya shiga banki, na tsawon makonni. Taransifa kuwa ba ta da uzurin jira ko kaɗan, tunda cikin mintuna take sauka. Idan an rubuta kwastoma ya turo, kwana biyu babu layinsa a sitatimen, to ko turin ya faɗi, ko alat ɗin bogi aka nuna wa yaron kanti. Caki shi ne mai dogon numfashi, amma shi ma a Najeriya idan ya wuce wata shida banki ba ya biyansa. A lokacin sai a soke shi a leja, kuɗin ya dawo shafin banki, bashin mai shi kuma ya dawo, domin mutuwar caki ba ta kashe haƙƙi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa wanda ke karɓar kuɗi ko tura su bai kamata ya zama shi ke daidaita asusu ba. A ƙaramin kamfani inda mutum ɗaya ke yin komai, aƙalla mai kamfani ya sauke sitatimen da kansa daga banki, ya gwada ragowar ƙarshe da wadda ke kan takardar da aka ba shi. Fayil ɗin `Excel` kowa na iya gyara shi kafin a ɗora.

Manhaja tana ba da damar sa ɗan sassauci, a ce duk bambancin da bai wuce naira ɗari ba a share shi kai tsaye zuwa wani shafi. Yana rage wahala idan kwastoma ya cire kuɗin taransifa daga abin da ya turo. Amma a bar iyakar ƙarama, kuma a riƙa duba jimillar shafin a ƙarshen wata. Baƙon kuɗi ma ana iya rage shi tun daga tushe. Wasu bankuna da kamfanonin biyan kuɗi suna ba kowane kwastoma lambar asusu tasa ta daban wadda ke zubawa a asusun kamfani, ta yadda ko wa ya tura, lambar ce ke faɗin mai shi. Inda babu wannan, a buga gajeriyar lambar kwastoma a kan takardar kaya, a roƙe shi ya sa a rubuta ta a bayanin taransifa. Kuma wanda ke daidaitawa kullum ko duk mako ya fi mai jiran ƙarshen wata samun sauƙi, saboda kuɗin da ya shigo jiya, yaron kanti yana iya tuna wanda ya ce zai turo.

A kamfaninmu, akanta ya buga takardar ya kai wa Alhaji, ya nuna masa cewa abin da zai iya kashewa bai kai lambar da ke wayarsa ba, kuma ko a cikin 18,805,700 ɗin akwai 750,000 da ba a san mai ita ba. Sitatimen ɗin 3 ga Nuwamba ya zo da layin 1,150,000, manhaja ta haɗa shi da kanta, ya bar zaure. Cakin mai motoci ya fita ranar 6. Baƙon kuɗin kuwa sai ranar 11 wani kwastoma ya zo ɗaukar kaya aka ce masa akwai bashi a kansa. Ya kira yaronsa a waya, yaron ya lalubo rasit ɗin mai POS a aljihun wata riga, ya ɗauki hotonsa ya turo. Akanta ya karanta alƙaluma talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da na banki, sannan ya ɗauke kuɗin daga shafin amana ya kai kan sunan mutumin, ya ce a buɗe masa sito.